Yadda nake bin diddigin sanarwar aiki a guruf kafin in tura takarduna

Bayan na gama bautar ƙasa na dawo gida Tudun Wadan Zariya, kusan duk labarin aikin da na ji a waya na ji shi, ba a jarida ba, ba a rediyo ba. Guruf ɗin ƴan ajinmu na kwalejin Nuhu Bamalli, guruf ɗin matasan unguwa, wani na ƴan kwas ɗinmu da muka yi sansani tare, sai wasu tashoshin Telegram manya da ake zuba sanarwar aiki safe da yamma. Wannan rubutun ina yin shi ne saboda ƙannenmu da suke fitowa yanzu, don na ga yadda ake cinye musu ɗan kuɗin da suka tara a alawus, kuma abin yana min ciwo sosai wallahi, mutum bai da aiki, iyayensa na kallonsa, sannan wani ya zauna a ɗaki ya karɓe masa dubu goma da sunan fom.

Abin da na fahimta tun da wuri shi ne gurufan nan ba ɗaya suke ba. Manyan tashoshin nan masu dubban mutane, mai tashar bai san kowa ba kuma bai san inda sanarwar ta fito ba, kwafowa yake daga wani shafi ya manna, burinsa dai mutane su danna linki su shiga shafinsa ya samu kuɗin talla. Ba wai duk ƙarya yake sakawa ba, a'a, a nan na fara jin lokacin da aka buɗe wasu ɗaukar aikin gwamnatin tarayya, amma gaskiya da ƙarya a cakuɗe suke, shi kansa bai tace ba. Ƙananan gurufa kuwa, irin na unguwa ko na tsofaffin ɗalibai, sanarwa ba ta da yawa, sai a yi sati ba a saka komai ba, amma wanda ya saka ka san shi, ka san gidansu, za ka iya kiransa ka ce wane a ina ka samo wannan. To wannan tambayar ita ce farkon komai a wurina. Guruf wurin jin labari ne kawai, ni dai ban taɓa ɗaukarsa ƙofar da zan miƙa takarduna ba, sai na nemo mai aikin ta wata hanya da ba ta cikin sanarwar.

Bari in kawo wadda ta fi ba ni aiki, don ita ce ta koya min cewa sunan kamfani na gaskiya ba ya nufin sanarwar ta gaskiya ce.

An turo ta ne a guruf ɗin ƴan ajinmu wajen ƙarshen damina, lokacin da ake shirin fara sayen masara da waken suya. Fosta ce mai kyau, da tambarin wani kamfani mai sayar da iri da taki kuma yana sayen amfanin gona, kamfani ne da duk wanda yake yankin Zariya ya san buhunansa, ba zan kama suna ba don su ba su da laifin komai. An rubuta ana neman mai kula da sito guda biyu, kashiya, da masu rubuta awo a wuraren saye, albashin mai sito naira dubu 180, ND ko HND ko digiri duk an yarda, ba a buƙatar gogewa, za a rufe nan da kwana biyu. A ƙasa akwai linki gajere irin wanda ba ka ganin inda zai kai ka, da lambar waya an rubuta ta jami'in ɗaukar ma'aikata ce. Ni kuma lissafin kuɗi na karanta, sito da kashiya duk layina ne, ga shi lokacin ya dace da kakar saye, duk wanda ya san yadda kamfanonin nan suke ƙara hannu idan kaka ta zo zai ce ai wannan babu tantama.

Na fara da wanda ya turo. A saman saƙon akwai ɗan rubutun nan na WhatsApp mai kibiya biyu, "Forwarded many times", wanda yake fitowa idan saƙo ya bi hannu da yawa, ma'ana ba daga wayar wanda ya rubuta shi ya zo mana ba. Na kira abokin namu na ce masa, mutumina wannan aikin ka san wani a ciki ne? Ya ce a'a, shi ma a guruf ɗin masallacinsu ya gani ya ce bari ya taimaka. Na ce don Allah tambayar min wanda ya saka a can. Zuwa yamma ya dawo min da amsa, wai shi ma wancan matarsa ce ta turo masa daga guruf ɗin ƴan Islamiyyarsu, ita kuma ba ta tuna wa ya saka ba. Kun ga duk mutanen kirki ne, babu mai niyyar cutar kowa, amma babu ko ɗaya da ya taɓa taka ƙofar kamfanin. Idan sanarwa ta gaskiya ce ta cikin gari, yawanci hannu biyu ko uku za ka bi ka isa ga wani da zai ce maka eh, yayana ne akanta a wurin, ko maƙwabcina ne direbansu. Idan ka bi ka bi igiyar ta tsinke a iska, ba hujja ba ce cewa ƙarya ce, amma ka san har yanzu ba ka da komai a hannu.

Sai na kwafi jimla ɗaya daga rubutun da ke ƙasan fostar, wadda take da ɗan kuskuren turanci a ciki, na saka ta a wurin bincike na Facebook da Google tsakanin alamar zance guda biyu don ya nemo min ita daidai yadda take. Wannan dabarar tana da amfani fiye da yadda mutane suke zato, saboda masu wannan sana'ar ragwaye ne wajen rubutu, rubutu ɗaya suke yi su riƙa canza sunan gari da sunan kamfani. Ai kuwa sai ga jimlar nan da kuskurenta, a wata sanarwa ta bara, an ce wani kamfanin shinkafa ne a wata jiha daban yake nema, albashi iri ɗaya, har da maganar kwana biyun nan. Lambar wayar ce kawai ta bambanta. A nan jikina ya fara sanyi, amma ban tsaya ba, don kamfani na gaskiya ma yana iya kwafar rubutun wani idan sakatarensu ya ji ƙyuyar rubutawa.

Na shiga shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, akwai wurin binciken suna na kowa da kowa, kyauta ne. Kana rubuta sunan kamfani zai nuna maka ko yana da rajista, da lambarsa, RC idan kamfani ne, BN idan sunan kasuwanci ne kawai, da ranar da aka yi rajistar da kuma ko yana nan a raye a takarda. Sunan ya fito, lambar RC ɗin da ke jikin fostar ma ta yi daidai da tasu. To a nan ne mutane da yawa suke faɗawa, sai su ce ai na duba CAC, kamfanin na gaskiya ne. Eh na gaskiya ne, amma abin da ka gani a shafin nan shi ma ɗan damfarar ya gani, a can ya kwafo lambar, tambarin kuma a jikin buhu ko a intanet ya ɗauko. CAC tana gaya maka kamfanin yana nan ne, ba ta gaya maka su suka rubuta fostar ba. Haka kuma idan ka ga an rubuta "Inactive" kar ka yi saurin cewa ɓarayi ne, sau da yawa rahoton shekara-shekara ne ba su kai ba, kuma ƙananan wurare da yawa a Sabon Gari da PZ haka suke alhali suna nan suna ciniki kullum.

Linkin kuma da na danna, fom ɗin Google ne ya buɗe. Shi ma fom ɗin Google ba laifi ba ne a karan kansa, makarantu masu zaman kansu da ƙananan ƙungiyoyi suna amfani da shi sosai. Abin dubawa shi ne me ake tambaya a ciki. Suna, lambar waya, matakin karatu, wannan daidai ne. Amma wannan ya ci gaba, ranar haihuwa, sunan mahaifiya, NIN, BVN, sunan banki da lambar asusu, wai don a shirya biyan albashi. Mutumin da ko fuskarka bai gani ba, bai yi maka intabiyu ba, me zai yi da BVN ɗinka da sunan mahaifiyarka? Waɗannan su ne tambayoyin da banki yake yi maka idan yana so ya tabbatar kai ne mai asusu. Wurin aiki na gaskiya sai an ɗauke ka, an ba ka takarda, sannan akanta zai ce kawo lambar asusunka. Na rufe fom ɗin ban cike ko layi ɗaya ba.

Duk da haka na kira lambar, don ina so in ji da kunnena. Wani mutum ya ɗauka, muryarsa a natse, Hausarsa tas, har yana ce min ɗan'uwa. Na ce masa ranka ya daɗe na ga sanarwa ne, ni ɗan Tudun Wada ne, ina so in kawo takarduna ofis da kaina. Ya ce a'a ba a karɓa a ofis, komai ta intanet ne yanzu, manaja ya hana taruwar mutane a bakin get. Na ce to ofishin naku na wane layi ne don in sani, sai ya karanto min adireshin da ke jikin fostar. Na ce daga Kwangila ta ina zan bi? Ya ɗan yi shiru ya ce ai kowane ɗan acaba ya sani. Mutumin da yake zuwa aiki wuri kullum a Zariya ba zai kasa gaya maka daga gadar Kwangila dama za ka yi ko hagu ba, ko hanyar Samaru za ka bi ko ta Sabon Gari. Sannan ya kawo maganar da nake jira, wai sunana zai shiga jerin waɗanda za a kira amma akwai kuɗin gwajin lafiya da katin shaida, naira 8,500, za a mayar min a albashin farko, kuma in hanzarta don gurbi biyu ya rage. Na ce turo lambar asusun.

Da ya turo na buɗe manhajar bankina na saka lambar kamar zan tura kuɗi, ban tura ba, sunan mai asusun kawai nake so ya fito. Sunan wani mutum ne ya fito, ba sunan kamfani ba, kuma ba sunan da ya gaya min nasa ba ne. Kamfanin da yake da lambar RC yana da asusu da sunansa, ba zai karɓi kuɗin ma'aikata a asusun wani bawan Allah ba. Wannan gwajin ba ya cin ko kwabo kuma minti ɗaya ne. Na duba lambar wayar a Truecaller ma, ta fito da sunan kamfanin, amma wannan bai burge ni ba don kowa yana iya saka wa lambarsa sunan da ya ga dama a can.

Washegari na hau keke napep na je ofishin kamfanin na ainihi, don zuwa da kai ya fi saƙo, kuma kuɗin motar bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ce in tura ba. Maigadi na fara samu, dattijo ne yana zaune a benci da rediyonsa. Na gaishe shi na ce Baba don Allah wai ana ɗaukar ma'aikata a nan? Ko wayar ban gama fitowa da ita ba ya ce, yaro kai ma fostar nan ce ko? Ya nuna min wata farar takarda da aka manna a jikin get da salatif, an rubuta da Hausa da turanci cewa kamfanin ba ya ɗaukar aiki a yanzu, kuma ba ya karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki. Ya ce tun shekaranjiya mutane suke zuwa, har da wata yarinya daga Giwa da ta riga ta tura kuɗin ta zo da rasit ɗinta a waya tana tambayar ina ne asibitin gwajin. Ya ce ta zauna a kan bencin nan ta yi kuka. Ni abin da ya tsaya min a rai kenan, don na san kuɗin nan wataƙila rance ta ci.

Na ɗauki hoton takardar da ke get ɗin na saka a guruf ɗinmu, na roƙi abokin nan nawa ya mayar da shi ta hanyar da sanarwar ta biyo, guruf ɗin masallaci har zuwa na Islamiyya. Admin ɗinmu ya goge fostar. Ban zagi wanda ya turo ba kuma ban bari a zage shi ba, don idan aka kunyata mutum gobe ko ya ga ta gaskiya ba zai saka ba.

Akwai abin da ya kamata in lura da shi tun a kallon farko ma, wato albashin. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa hannu a kai a 2024 naira dubu 70 ne, kuma duk wanda ya yi aiki a wuri mai zaman kansa a Zariya ya san da yawa ko wannan ba sa kaiwa. To a ce mai sito wanda bai da gogewa, ko ND gare shi, za a ba shi dubu 180, kuma ana roƙon mutane su nema a guruf? Aikin da yake da wannan kuɗin ba ya kwana, kafin a buga fosta ƴan cikin gida sun kawo ƙannensu. Babban albashi, babu sharaɗi, ga gaggawa, idan ukun nan suka haɗu a sanarwa ɗaya ni dai ban taɓa ganin ta fita lafiya ba.

Na gwamnati kuwa tantance shi ya fi sauƙi, matuƙar mutum ya iya karanta adireshin shafi. Shafukan hukumomin gwamnati suna ƙarewa ne da .gov.ng, na sojoji da .mil.ng, manyan makarantu irin su ABU da .edu.ng, kuma ba kowa ake ba irin waɗannan ba. Amma ƙarshen ake dubawa, ba farko ko tsakiya ba. Ka nemi karan nan mai jirge na farko bayan sunan shafin, ka karanta abin da yake dab da shi ta hagu. Ga na gaskiya guda biyu, na hukumar da ke ɗaukar ma'aikatan shige da fice da sibil difens da kashe gobara da gidan gyaran hali, da kuma na sojan ƙasa:

```
recruitment.cdcfib.gov.ng
recruitment.army.mil.ng
```

Ga kuma irin siffar da na bogi yake zuwa da ita, wannan misali ne kawai na haɗa don a gane:

```
cdcfib.gov.ng.sabon-fom.xyz/apply
```

Ka ga akwai gov.ng a ciki, amma a tsakiya yake, ainihin shafin shi ne wanda ya ƙare da .xyz, kuma kowa zai iya sayen irinsa da kuɗi kaɗan. A ƙaramar waya ma wani lokaci farkon kawai kake gani, sai ka danna wurin adireshin ka ja shi zuwa ƙarshe. Ni yanzu ko an turo linki a guruf ba na bi ta cikinsa, da hannuna nake rubuta adireshin hukumar in ga ko sanarwar tana shafinsu. Kuma neman waɗannan ayyukan kyauta ne, su da kansu suna nanatawa duk lokacin da suka buɗe. Yayyenmu suna tuna 2014, lokacin da masu neman aikin shige da fice suka biya naira dubu ɗaya-ɗaya, aka tara su a filayen wasa a watan Maris har aka rasa rayuka a turmutsutsu, shi ya sa har yau wasu a gida suke ganin biyan kuɗin fom abu ne da aka saba, sai uwa ta ciro daga adashinta ta ba ɗanta. Ƴan damfara sun san da wannan tunanin kuma da shi suke cin abinci.

Ƙa'idar hukumar raba daidai ta tarayya ma ta ce ma'aikatar tarayya idan za ta ɗauki aiki ta buga a jaridun ƙasa aƙalla biyu, ta ba mutane sati shida. Zariya cike take da ma'aikatun tarayya, ga jami'a a Samaru da Kongo, ga asibitin koyarwa a Shika, ga kwalejin jiragen sama, ga cibiyar sufuri ta NITT, shi ya sa sunayensu ba sa barin bakin masu haɗa fostar ƙarya. Duk wanda ya ce maka ɗaya daga cikinsu ta buɗe a asirce za ta rufe jibi, ko ya biyo ka ta saƙon sirri ya ce akwai gurbin wani da ya rasu ko ya yi ritaya za a saka sunanka idan ka kawo dubu ɗari biyar, to ka sani ko da a ce akwai gurbin, sayen aiki laifi ne, kuma ranar da kuɗinka ya maƙale ba ka da bakin kai ƙara cikin kwanciyar hankali.

Wani abu kuma da ya faru a guruf ɗin unguwarmu, ranar nan sai ga lambar wani dattijo da kowa yake girmamawa ta saka sanarwar aiki da lambar asusu. Ashe an ƙwace masa WhatsApp ne, wani ya kira shi ya ce za a yi taron guruf ta intanet, ya karanto lambobi shida da aka turo masa, yana karantawa shikenan asusun ya koma hannunsu. Saboda haka ko sunan wanda ka yarda da shi ka gani, idan maganar kuɗi ta shigo kira shi a layi ka ji muryarsa. Kai ma ka shiga saitin WhatsApp ɗinka ka kunna "Two-step verification", kuma lambobin nan shida ba a karanta wa kowa su.

Aikin da nake yi yanzu ma a guruf na same shi, kuma sanarwar ba ta da kyan gani ko kaɗan. Babu tambari, babu fosta, layi huɗu ne wani yayanmu a unguwa ya rubuta da hannunsa, wai wani shagon sarin magungunan feshi da taki a Sabon Gari yana neman wanda ya iya lissafi da kwamfuta zai riƙe musu littafin sito, a kai takarda shago a nemi manaja. Ko albashi ba a faɗa ba, adireshin imel ɗin ma na Gmail ne. Da a ce da kyan fosta ake gane gaskiya da na wuce ta. Na kira shi na ce Yaya wannan fa? Ya ce mai shagon abokin kasuwancin maigidansa ne, wanda yake riƙe da littafin ne ya samu karatu zai tafi, shi da kansa aka ce ya nemo mai amana. Hannu ɗaya tak na bi na isa ga mai aikin. Duk da haka na duba sunan a CAC, ya fito da lambar BN, sannan kafin in shiga shagon na tsaya wurin wani mai shayi da ke kallonsu na tambaye shi ya mutanen nan suke da yaransu, suna biya a kan lokaci? Ya ce wanda zai tafi ɗin ya shekara uku a wurin kuma lafiya za su rabu. Wannan ita ce tambayar da mutane suke mantawa, don wani aikin na gaskiya ne amma sai ka yi wata uku ana ce maka kasuwa ba ta motsa ba.

Intabiyun a cikin shagon aka yi, da rana tsaka, ga warin magani ga masu dako suna shige da fice da katan-katan. Manajan ya miƙo min littafin shigar kaya da na fitarsu na sati ɗaya ya ce in fitar masa da abin da ya kamata ya rage a sito na wani maganin ciyawa, na lissafa na ce katan 46, ya aika yaro ya ƙirgo aka samu 44, ya yi murmushi ya ce dama ya san da biyun nan, bashi aka bayar ba a rubuta ba. Kwafin takarduna kawai ya karɓa, na asali ya duba ya miƙo min abuna, kuma ina ba kowa shawara kar ya bar satifiket ɗinsa na asali a hannun kowane mai aiki ko da me zai ce. Ya nemi in kawo mai tsaya min mutum ɗaya tunda kaya da kuɗi zan riƙe, kawuna ya zo da kansa ya sa hannu. Albashin bai kai rabin na waccan fostar ba, na roƙi a rubuta min shi a takarda da ranar biya da lokacin tashi, Alhaji mai shagon ya ce ba su saba ba amma babu damuwa, aka buga a shagon kwamfuta na kusa ya sa hannu ya buga hatimi. Lambar asusuna kuwa sai a ƙarshen watan farko akanta ya tambaye ni ita.